Kafin ku ce injin bai iya Hausa ba, ku duba abin da ya isa gare shi

Ƙannena da ke haɗa manhajar amsa saƙo a Garwa, Marwa da Kusseri, akwai ƙorafin da ya yi yawa a bakinku: wai injin harshe na ƙirƙirarriyar basira bai iya Hausa ba, an yi masa Hausa ya mayar da Turanci ko Faransanci. Wani lokacin gaskiyarku ne. Amma sau da yawa saƙon mutum yakan lalace tun a hannunku kafin ya kai ga injin, a matakai biyun da kuka kwafo ba ku bincika ba, wato wanke rubutu da tantance harshe.

Mu ɗauki saƙo irin wanda kowane mai shagon tura kuɗi ke samu:

```
Sannou, na yi transfer jiya amma koudin bai shiga ba, please ku ƙara duba min
```

Wannan Hausa ce, ba ta da wani aibi. Haka mutanenmu ke rubutu. Wanda ya yi makarantar Faransanci zai sa `ou` inda boko ke sa `u`, ya rubuta `tch` a madadin `c`, `dj` a madadin `j`. Wanda ke ciniki da 'yan Mubi ko Maiduguri kuma Turanci na shiga bakinsa ba tare da ya lura ba. Wannan mutumin shi ne kuke yi wa aiki, kuma ba ku da hurumin ce masa ya gyara rubutunsa kafin a saurare shi.

Matakin farko, wankin rubutu. Mu da muka saba da Faransanci muna da wani layi da hannu ke rubutawa da kansa don cire alamomin kan wasula:

```python
import unicodedata
s = "été ƙasa ɗaki"
unicodedata.normalize("NFKD", s).encode("ascii", "ignore").decode()
# 'ete asa aki'
```

Ku dubi sakamakon da kyau. Harafin `é` ya rabu gida biyu, wasali da alamarsa, aka jefar da alamar, wasalin ya tsira. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba haka Unicode ya ajiye su ba. Kowannensu harafi ne guda mai lambarsa, `U+0199` da `U+0257` da `U+0253`, ba ya rabuwa, don haka dungurungum ake jefar da shi. A saƙonmu na sama "ƙara" zai koma "ara", roƙon a sake dubawa ya zama roƙon a ba da aro. Sai injin ya amsa abin da ba a tambaya ba, ku kuma ku ɗora masa laifi. Haka cire ɗan waƙafin sama ke mayar da "'ya'ya" zuwa "yaya". Gane wannan cutar ba wuya: ku buga saƙon yadda ya shigo, ku buga shi yadda ya fita daga wanki, ku jera su ku karanta da idonku. Maganin kuwa shi ne ku tsaya a `NFC`, ku bar haruffan yadda suke.

Mataki na biyu ya fi yin ɓarna, domin shi ba ya barin alama. Da yawanku kuna sa manhajar tantance harshe a gaba, ita ce ke yanke hukuncin harshen da za a amsa da shi. Shin kun taɓa buɗe jerin harsunan da ta sani? `langdetect` tana da harsuna 55, babu Hausa a ciki. `lid.176` na fastText yana da 176, shi ma babu Hausa. Irin wannan manhajar tana zaɓar wanda ya fi kama ne a cikin abin da ta sani, sai ta ce Somaliyanci ne ko Swahili, in kuma ta ga `transfer` da `please` ta ce Turanci. Daga nan umarninku ya tafi wa injin cewa ya amsa da Turanci, shi kuma ya yi biyayya. Ku nemi wadda Hausa ke cikin jerinta, irin su GlotLID ko AfroLID, amma ko su kada ku ba su amana kan gajeren saƙo mai gauraye sai kun gwada da saƙonnin mutanenku.

Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne ginin jimlar, ba yawan kalmomin aro ba. A saƙon nan, mai magana ya ce "na yi", ya kore da "bai ... ba", ya haɗa da "amma". Turancin bai wuce sunan abu ɗaya da kalmar roƙo ba, kuma sai da aka jingina shi da "yi" kafin ya zauna. Duk wanda ya rubuta haka da Hausa yake tunani, da Hausa za a amsa masa. In za ku haɗa ɗan jerin kalmomin shaida da kanku, ku yi hattara, domin a ƙasarmu akwai tarko: `ne`, `ce`, `ta`, `ma` da `sa` duk kalmomi ne a Faransanci. Ku dogara da irin su amma, kuma, bai, zan, yanzu, wannan, ɗin, kuma kada ku yanke hukunci da guda ɗaya.

Sai umarnin da kuke ba injin. Cewa "amsa da Hausa" kawai bai isa ba. Ku faɗa masa cewa kalmar da mutum zai gani a allon wayarsa a bar ta yadda take, domin in aka fassara sunan maɓalli, mutum zai neme shi ya rasa. Ku faɗa masa cewa kuɗinmu sefa ne. Yawancin Hausar da ke intanet daga Najeriya ta fito, don haka in ba a ja masa kunne ba naira zai kira. Ku kuma faɗa masa ya ce "ku" muddin bai san namiji ne ko mace ba. Wannan na ƙarshe ya dame ni ƙwarai. Hajiya mai shekarun mahaifiyarku ta rubuto da damuwar kuɗinta, a ce mata "ka jira", wallahi abin kunya ne, kuma sunan shagon ne zai ɓaci.

Masu ƙara horar da injin da misalai, ku ji wannan. Kada duk tambayoyinku su zama Hausar littafi da aka fassaro daga Turanci. Ku ɗauki tambaya ɗaya ku yi mata kwafi: ɗaya da ƙugiya, ɗaya babu ƙugiya kamar yadda yawancin wayoyi ke bugawa, ɗaya da rubutun Faransanci, ɗaya mai gauraye. Amsar kuwa ta kasance guda, da daidaitacciyar Hausa mai ƙugiyoyinta. Ta haka injin zai koyi karɓar kowane irin rubutu ba tare da nasa ya lalace ba.

Gwaji kuma a yi shi da saƙonnin gaske, da izinin masu su, bayan an goge sunaye da lambobin waya, domin amana ce. Saƙo ɗari ya isa farawa. Ku ware su gida-gida, tsantsar Hausa daban, mai Turanci daban, mai Faransanci ko Fulatanci daban, ku ƙidaya nasara a kowane gida shi kaɗai. In kuka haɗa su a lissafi ɗaya, kyawun gida na farko zai rufe muku faɗuwar sauran. Mutum biyu masu jin Hausa su karanta kowace amsa, kowa shi kaɗai, suna duba abu uku: an amsa da harshen da ya dace, an amsa abin da aka tambaya, an yi magana da ladabi. Inda suka saɓa, ku koma ku buga saƙon a kowane mataki har ku ga inda ya canza.