Wanda ya makara a yare na biyu daban, wanda bai samu yare ko ɗaya ba daban

Jiya a majalisarmu nan Birnin Kebbi aka tada gardama, wani abokina malamin firamare ya kafe wai yaro in ya wuce shekara goma sha biyu an rufe mai ƙofar koyon yare, wai haka masana suka ce. To ni wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin da ake bari shi ne ya fi damuna wallahi.

Asalin zancen daga Eric Lenneberg ne, a 1967 ya ce akwai wani lokaci daga wajen shekara 2 zuwa balaga da ƙwaƙwalwa ke kama yare da kanta. A 1989 Johnson da Newport suka gwada mutum 46 'yan Sin da Koriya da suka koma Amurka, waɗanda suka isa tsakanin shekara 3 da 7 nahawun Turancinsu ya yi daidai da na 'yan ƙasa, daga nan abin ya dinga sauka. Sai kuma a 2018 wani gwaji ta intanet na Hartshorne da abokan aikinsa, mutum wajen 670,000, ya nuna saurin kama nahawu bai fara faɗuwa sosai ba sai kusan shekara 17. Ka ga ko iyakar ma ba a daidaita a kanta ba, wasu masanan ma cewa suke gangara ce kawai a hankali, babu wata ƙofa.

Kuma mu muna gani da idonmu. Shiga kasuwa ka ji ɗan kudu da ya zo da gemunsa yana ciniki da Hausa har da karin magana. Inda za ka kama shi kaɗan ne, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, karin sauti ya kauce, ko ya ce ma mace "ya zo". Wannan ai ya iya yare, lafazi ne da 'yan ƙananan abubuwa suka tsere mai, don yana da yaren uwarsa da ya ɗora Hausar a kai.

Wanda abin ya ci shi ne wanda bai da na farkon. Ana yawan kawo labarin Genie da aka gano a Kalifoniya a 1970 tana shekara 13 an kulle ta ba mai yi mata magana, ta tara kalmomi amma haɗa jimla ya gagara, sai dai azabar da ta sha ta yi yawa, ba ka iya cewa makarar ce kaɗai sanadi. Hujjar da ta fi tsabta tana wajen kurame. Rachel Mayberry a 1993 ta kwatanta kurame manya kashi biyu da suka fara maganar hannu ta Amurka a shekaru iri ɗaya, bayan ƙuruciya ta yi nisa. Kashi ɗaya sun yi ji, sun iya Turanci kafin kunne ya mutu, ɗaya kashin da kurumta aka haife su kuma sun taso kusan ba yare. Aka nuna musu dogayen jimloli aka ce su maimaita. Na farkon suka yi ma na biyun nisa, alhali lokacin farawa ɗaya, dukansu kuma sun shekara da shekaru suna amfani da ita.

Da na karanta wannan sai unguwarmu ta faɗo min. Akwai yara biyu, ɗaya sanƙarau ya tafi da jinsa yana wajen shekara takwas, ɗayar kuma haka aka haife ta, iyayen suna ta jira wai nauyin baki ne zai sake, aka yi rubutu aka sha, har ta kai goma sha ɗaya kafin aka kai ta makarantar kurame. Shi yanzu zai ba ka labarin abin da ya faru jiya da dalilinsa da abin da da zai faru in ba a yi kaza ba. Ita ta san sunayen abubuwa tsaf, ruwa, tuwo, kuɗi, kuma tana da wayo ƙwarai, amma ka tambaye ta wa ya bugi wa, ko "in mama ta dawo kafin ki gama fa", nan take tsayawa. Alamar kenan, kalmomi na ƙaruwa amma ɗaurin jimla bai zauna ba.

Shi ya sa nake jin zafi in an ce kar a koya ma yaro maganar hannu wai za ta hana shi buɗe baki. Maganar hannu yare ce cikakkiya mai nahawunta, kuraman ƙasar Hausa suna da tasu har an yi nazarinta a Kano. Yarinyar nan da tun tana shekara biyu aka riƙa kai ta wajen babban kurma mai maganar hannu, ko aka samu ɗaya cikin gida ya koya, da tana da abin da za ta ɗora karatun Hausa da Turanci a kai. Nunin da ake yi a gida na "zo ci" da "je ki ɗebo ruwa" bai kai yare ba.

Dan Allah in jaririnku bai firgita da ƙarar ƙofa, ko ya kusa shekara bai waiwayowa in an kira shi ta baya, ku kai asibiti a auna jinsa, kuma ko ana jiran na'urar ji a fara mai maganar hannu a wannan watan.