Kan rubutu ba matsaya ba ne

"Na zaɓi tarihin Jihadin Sakkwato, ai na samu matsayar rubutuna ke nan ko?"

Da yawa haka suka ɗauka, tunda malami yakan ce a zaɓi abin da za a rubuta a kai. To amma wannan kan rubutu ne kawai. Babu wanda zai musa cewa an yi jihadi a 1804. Matsaya magana ce wadda mai ilimi zai iya cewa a'a, ba haka ba ne.

Sai ka matse batun da tambaya: a ina, yaushe, me ya sa? Misali, me ya sa makiyayan Gobir suka bi Shehu? Amsarka ita ce matsayar: "Zafin jangali, fiye da wa'azi, shi ya ja makiyaya zuwa ga Shehu." Wani zai ja da kai, kuma shafi uku sun isa ka kawo hujjojinka.