Wasiƙar Amarya Zuwa ga Maigida Direba

(A wani gida a unguwar Karantina da ke Jidda, bayan sallar La'asar. Malam Marubuci, wanda ya tsufa a kan rubuta wa mutane takardun koke, yana zaune da alƙalami. Amarya na gefe riƙe da waya, Gwaggonta kuwa ta ƙi zama.)

GWAGGO: Malam, ba doguwar wasiƙa muka zo nema ba. Ka rubuta masa cewa shi maƙaryaci ne marar alkawari, kuma ni tun ranar da aka kawo lefe na ga alamar haka a tafiyarsa.

MALAM: Hajiya, wannan hukunci kika kawo mini, alhali ko alƙali ba ya yanke shi sai ya saurari ƙara. 'Yata, ki faɗa mini abin da ya faru, da ranar da ya faru.

AMARYA: Malam, kullum sai ya sa mini rana, kullum kuma sai ya fasa.

MALAM: A iya zamanku, bai taɓa cika alkawari ko sau ɗaya ba?

AMARYA: To, da ƙaramar salla ya kai ni bakin teku, har muka kalli ruwan nan mai tashi sama na Sarki Fahad.

MALAM: Kin gani ko? Idan kika rubuta "kullum", da wannan fita ɗaya zai kare kansa, ku kwana kuna gardama a kan bakin teku, maganar da ta dame ki kuwa ta bi ruwa. Ki ba ni waɗanda kike da tabbacinsu kawai.

AMARYA: Uku ne a cikin wata biyu. Na farko, ya ce ranar Juma'a zai kai ni Makka in gaida mahaifiyata a Shara Mansur. Na biyu, ya ce za mu je Balad in zaɓi labule. Na uku shi ne na Madina, wanda ya fi ƙona mini rai, domin na sayi tikitin jirgin ƙasa guda biyu daga tashar Sulaimaniyya, na kuma samu izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, amma jirgi ya tashi ina zaune a falo da jakata.

GWAGGO: Kuma tsohuwa tana can ta tuƙa tuwo da miyar kuka domin suruki, kukar da sai an roƙi mai zuwa Umara ya taho da ita daga Kano! Malam, rubuta: marar kunya.

MALAM: Tuwon zan rubuta, Hajiya, domin shi an gan shi, an kuma san ya kwana. Ƙa'idata ita ce, duk abin da maƙwabci zai iya shaida da idonsa ko kunnensa yana shiga takarda, abin da ke cikin zuciyar mutum kuwa Allah kaɗai ya san shi. 'Yata, a waɗannan ukun, yaushe yake sanar da ke, kuma ta wace hanya?

AMARYA: Duka ranar Juma'a ce. Duka kuma saƙo yake turowa bayan na gama shiri, wai aiki ya taso.

MALAM: Madalla, ga abin da muke nema ya fito. Rana ɗaya, dalili ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya. Mutum yana iya musanta cewa shi mugu ne har gobe da safe, amma ba zai iya musanta Juma'a uku da saƙonninsu ke cikin wayarsa ba.

GWAGGO: To a ƙara da cewa ya fi son kuɗi a kan matarsa.

MALAM: Hajiya, kin shiga aljihunsa kin gani? Wataƙila bashin mota ne ke binsa duk ƙarshen wata, wataƙila kuma wani ne yake jin nauyin ya ce masa a'a. Abin da ba mu sani ba, tambayarsa za mu yi. Ku saurara in karanta. "Maigida, bayan gaisuwa da fatan ka dawo lafiya. Ina so in yi maka maganar abin da ya faru sau uku a wata biyun nan. Mun shirya zuwa Makka, da Balad, da Madina, duka ranar Juma'a, kuma kowane karo saƙonka ya zo bayan na gama shiri, cewa aiki ya taso. A na farko Inna ta yi girki ta jira mu, na rasa abin da zan ce mata. A na ƙarshe kuɗin tikiti ya tafi, izinin Rauda ma ya wuce. Yanzu idan ka sa rana, maimakon in yi murna sai in kama fargaba, kuma ba na son zamanmu ya koma haka."

GWAGGO: Wannan wasiƙa ce ko ta'aziyya? Ina zafin yake?

AMARYA: Gwaggo, ni kam na ji zafin, domin abin da ya faru ke nan babu ƙari.

MALAM: Saura buƙata, domin koken da ba ya ɗauke da buƙata, mai karanta shi haƙuri kawai zai bayar ya ninke takarda. 'Yata, me kike so ya yi?

AMARYA: Ina so ya gyara halinsa.

MALAM: Ranar wace Juma'a za ki duba ki ce ya gyara? Ki nemi abin da za a iya gani an yi ko ba a yi ba. Ga yadda na sa: "Na san wahalar da kake sha a hanyar Makka domin mu ne. Ina roƙonka abu biyu. Idan shiri zai canja, ka kira ni da bakinka tun daren Alhamis, kafin in sanar da kowa ko in kashe kuɗi. Sannan mu ware Juma'a ɗaya a wata, wadda idan an kira ka za ka miƙa aikin ga abokin sana'arka. Idan kuma akwai wani nauyi da ban sani ba, ka gaya mini mu san yadda za mu yi."

GWAGGO: Ka manta da cewa idan ya sake, za ta tattara kayanta ta koma Makka.

MALAM: Za ta koma ɗin?

AMARYA: Ina fa, Malam! Ko labulen ban saya ba.

MALAM: To ba za mu rubuta barazanar da ba za a aikata ba, domin daga ranar da ya gane ta baki ce, sauran maganar ma ta rasa nauyi. Kada kuma ki tura masa yanzu yana tuƙi da alhazai a bayansa. Ki bari ya dawo, ya ci abinci, ya huta. Amma kafin in sa kwanan wata, buɗe saƙonnin mu tabbatar da ranakun.

AMARYA: Ga na Madina. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya ta kira ni in kai mata katan-katan na dabino da abaya wurin masu awon kaya, ta ce ba ta yarda da kowane direba ba sai ni." Na Balad ma Hajiya ce. Na Makka ma haka.

MALAM: Wace Hajiya ce wannan mai aika dabino da abaya Kano?

GWAGGO: (Ta zauna a karon farko.) Ai Hajiyoyi suna da yawa a Jidda, Malam.

AMARYA: Gwaggo, ya turo har da hoton katan ɗin, kuma sunanki ne a jiki da lambar wayarki.

GWAGGO: To ni na san Juma'ar taku ce? Yaron kirki, ko sisi ba ya karɓa a hannuna, kuma bai taɓa saɓa mini alkawari ba.

MALAM: 'Yata, miƙo mini wata takardar, wasiƙa ta biyu ta kama.

GWAGGO: Malam, idan tawa ce, a rubuta ranakun kawai, kada a taɓa halina.