Kafin ka ce akawunka ya ƙi ci gaba

Yayana yana da injin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da Kura. Bara da kaka ya saka manhajar lissafi a kwamfuta, bayan wata guda ya kira ni nan Leeds ta Ingila rai a ɓace, wai Baba akawu ya ƙi sakin littafinsa. Na ce, "Yaya, kafin ka yi masa faɗa, duba lokacin da ake shigar da bayanan." Ya duba, ashe duk bayan isha'i ne. Dattijon nan a littafi yake rubutawa da rana, da dare ya zauna ya kwafe cikin kwamfuta. Mutum 40 a wuni, kowanne minti 3, awa biyu ke nan da aka ƙara masa ba ko sisi.

Kuma yana da hujja. Manhajar kilo ta sani, manoma kuwa da buhu suke magana. Ba ta da gurbin wanda ya karɓi taki bashi da damina zai biya da shanshera in an yi girbi, alhali cinikin wurin da yawa haka yake tafiya. In sabis ya ɗauke, ta tsaya cik, ga layi har bakin ƙofa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yaron da aka sa ya koya masa sa'an jikansa ne, a gaban leburori yake ce masa "ba nan ba, Baba." Wane dattijo ne zai sake tambaya bayan wannan?

A ɗakin ajiyar kayan da nake aiki ma an yi gunaguni da aka sauya mana manhaja, mutum ai ɗaya ne ko'ina. Sai dai su ba su kawo ta lokacin hada-hadar Kirsimeti ba, sai a Fabrairu da aiki ya lafa. Matar da ta fi kowa daɗewa, wadda kuma ta fi kowa suka, ita aka fara ba wa ta gwada, aka gyara abubuwan da ta nuna. An haɗa takarda da na'ura na mako biyu kacal, tun farko an faɗi ranar da za a ajiye takarda. Rashin yanke wannan rana shi ne, a ganina, babban kuskuren Yaya, don aiki biyu marar iyaka kowa zai koma wa wanda hannunsa ya saba.

Na roƙe shi ya dakata sai kaka ta wuce. Mai manhajar ya ƙara gurbin bashi da na buhu, ya sa ta riƙa adana bayani ko babu sabis. Baba kuma a gida ake koya masa bayan la'asar, daga shi sai Yaya. Da na kira makon jiya, Baba ne ke nuna wa mai awon sikeli yadda ake fitar da rasit.