A rage tsawon bidiyo, amma kada a yanke yaran

Ya ku shugabannin makarantu, ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane.

Wani matashi a nan Gombe ya nuna min saƙon imel da shugaban tsohuwar makarantarsu ya aiko masa. Shi ne ke tace musu bidiyon bikin yaye ɗalibai, kyauta, da kwamfutarsa da datarsa. Saƙon ya ce: "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Bidiyon ya yi tsawo, awa 3 da minti 10 ba mai kallo. Ka mayar da shi minti 45. Sai dai kada ka taɓa jawabina, da na shugaban taro, da na babban baƙo."

Rabin farko gaskiya ne. Uwar da ke ƙidaya datarta ba za ta sauke bidiyon awa 3 ba. Jimlar ƙarshen nan ce ta tsaya min a rai.

Mu yi lissafi. Jawabin shugaban makaranta minti 18 ne, na shugaban taro 14, na babban baƙo 11. Minti 43 ke nan. Saura minti 2. Minti 2 ga yara 96 da dominsu aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru! Wallahi wannan cire yara ne daga bikinsu, ko da an kira shi taƙaitawa.

A cikin yaran nan akwai yarinyar da mahaifiyarta ta biya kuɗin makarantarta da ribar ƙosai. Ranar bikin matar tana can layin baya, ba ta hango komai sai hulunan manya. Akwai yaron da babansa direba ne, ranar yana kan hanyar Legas, ya ce a turo masa ya gani. Akwai kakar da ƙafa ta hana ta fitowa. Su ne masu jiran bidiyon nan. Daƙiƙa 12 suke nema: a kira sunan, yaro ya taso yana gyara hula, ya karɓi takardarsa da hannu biyu. Babban baƙo kuwa, da wuya ya buɗe bidiyon ma.

Mun haddace Abasa tun muna allo. Mun san a kan wa ta sauka: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo ana cikin magana da manyan Ƙuraishawa. Muna karantawa a sallah, amma da an zo rabon minti sai mu juya wa ƙarami baya.

Kuma fa aikin mai yiwuwa ne, ba sai an zalunci kowa ba. Abin da ke kumbura irin wannan bidiyo sananne ne: jiran babban baƙo, gwajin lasifika, mai gabatarwa yana jero sarautun duk wanda ya shigo, sannan kowane mai jawabi ya sake jero su daga farko. A share wannan duka. Yara 96, kowa daƙiƙa 12, minti 19 da 'yan kai ne. A fara ajiye wannan a gefe, ba a taɓa shi. Jawabai ukun, a ɗauko minti 3 mafi amfani daga kowanne, minti 9 ke nan. Ragowar minti 17 ya ishi karatun Alƙur'ani na buɗe taro, da rabon kyaututtuka, da addu'a.

Kai kuma mai tacewa, ka kula da wurin karatun. Kada almakashinka ya faɗa tsakiyar aya don minti ya cika; ka bari yaro ya kai inda ake tsayawa. Kafin ka miƙa aikin, ka riƙe takardar sunaye a hannu, kana kallo kana sa alama, domin suna ɗaya kan ɓace a wurin haɗa yanki da yanki, kuma ba wanda zai lura sai gidan su yaron. In nauyin bidiyon ne damuwa, ka rage ƙarfin hoton zuwa 720p, fuskoki za su fito sarai. Cikakken jawabin manya a ɗora shi daban, mai so ya kalla.

Na san nauyin baki. Malaminka ne, ya koyar da kai, ga shi ya kira ka ɗansa. Ka amsa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, in na bar jawaban yadda suke, ɗalibai ba za su fito ba. Ga wani tsarin, a duba." Da yawa cikin shugabannin nan ba mugunta ba ce, lissafin ne ba su yi ba.

Malam shugaba, na san ka sha wahala a kan makarantar nan, Allah Ya saka maka. Amma don Allah ka koma kan saƙon nan, ka goge jimlar ƙarshe. Ka rubuta masa: a fara yankewa daga jawabina. Don Allah, daga naka.