Ba kowane bushewar maƙogwaro ne ƙishirwa ba

Azumina na farko a Manchester da ya faɗo lokacin sanyi na ɗauka hutu ya zo, ba rana ba zufa. Wallahi kafin ƙarfe goma na safe maƙogwarona ya bushe ƙayau kamar na haɗiyi tsakuwa, alhali fitsarina fari tas. Ashe hita ce, kwana take a kunne ta busar da iskar ɗaki, ni kuma hanci a toshe baki a buɗe nake barci.

Na Kano daban ne. Can ƙishirwar gaske ce, rana ta kai digiri 40 a watan Afrilu kana cikin Kantin Kwari ko kana jiran adaidaita, ruwa na fita ta zufa. Gane ta ba wuya: fitsari kaɗan kuma jaja-jaja kamar shayi, ga ciwon kai, ka miƙe jiri ya kwashe ka.

Amma laifin ba na rana ba ne ita kaɗai, mu ma da namu. Ƙanina a Ɗorayi yana min ƙorafi a waya, nace to faɗa min yadda kake sha. Ana kiran magariba zoɓo mai ƙanƙara da sukari, ƙosai da yaji, bayan asham tsire da shayi mai kauri, sai da asuba ya ɗirki fiya wata uku a tsaye wai yana ajiya. Nace Malam ciki ba randa ba ne! Ƙoda ba ta ajiye rarar ruwa, kafin hantsi ka fitsarar da shi, gishirin daren kuma yana nan yana neman nasa.

Leda ɗaya rabin lita ce, nace ya raba biyar: ɗaya da dabino, ɗaya bayan abinci, ɗaya a asham yana kurɓa a hankali, ɗaya kafin ya kwanta, ɗaya da sahur. Lita 2 da rabi kenan, mai aikin ƙarfi a rana sai ya ƙara. Sahur ɗin ma ya samu kunu ko fura ko kankana, ya rage gishiri da magi.

Shi kuwa maƙogwaro mai kaikayi, da daddare ake kula da shi. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure har can ciki ka zubar, ko zuma a ruwan ɗumi. Da rana kurkurar alwala ta isa, kar ka kai ruwa can ciki. Ka rufe baki kana numfashi ta hanci, in da ƙura ka sa takunkumi.

In mutum ya fara ruɗewa ko ya wuni ba fitsari ga jiri, wannan ya wuce jarumta, a ba shi ruwa a kai shi asibiti. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko suga kuma kar ya bi lissafin ledodina, likitansa ne zai yanka masa nasa. Ni dai a nan rage hita nayi na bar taga a ɗan buɗe.