Ranar da Layinka Ya Ɗauke Shi Kaɗai, Kada Ka Kwana a Kai

'Yan'uwana matasa, maza da mata, akwai wata sata da ake yi wa mutum alhali wayarsa tana aljihunsa, katin bankinsa yana ƙarƙashin matashinsa. Abin da muka saba kira walkam bak ne ake juyawa a kanmu. Kowa ya san shi: sim ya ɓace ko ya lalace, ka je ofishin kamfanin layi a ba ka sabo da tsohuwar lambarka. Da zarar sabon ya fara aiki, tsohon ya mutu, domin lamba ɗaya ba ta rayuwa a kan sim biyu. To, idan wani ne ya je da sunanka ya karɓi sabon, na hannunka ne zai mutu, kuma duk kira da saƙon da aka turo maka shi zai samu.

Wani zai ce, "Ni me ke cikin layina, katin ɗari biyu?" Ɗan'uwa, ba katinka ake nema ba. Banki ba ya ganin fuskarka lokacin da kake tura kuɗi da waya, lambar da ka yi rajista da ita yake gani. Can yake aika OTP, wato lambar sirrin da ake amfani da ita sau ɗaya, can yake aika alat, kuma idan ka manta kalmar sirrin manhajarsa, can yake turo lambar sake ta. Tun da aka ƙaddamar da BVN a 2014, aka kuma umarci a haɗa layi da NIN a Disambar 2020, lambar waya ta koma igiyar da ta ɗaure asusunka da shaidarka wuri guda. Gwada ka gani: danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi, BVN ɗinka zai fito. Danna *346#, za ka iya fito da NIN. Duk wanda ya riƙe layin, shi ma zai iya dannawa. Ba masu ƙaramin sani kaɗai abin ke samu ba: a Agustan 2019 ta wannan hanya aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a dandalin da shi ne ke jagoranta.

Bari in ba ku labarin wani maƙwabcina mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, don ku ga yadda ake ɗinka abin. Ranar Laraba wani ya kira shi da ladabi, ya ambaci cikakken sunansa, ya ce daga kamfanin layi yake, wai NIN ɗinsa bai hau daidai ba, za a rufe layin in ba a gyara ba. Bai nemi PIN ba, shi ya sa maƙwabcin nawa ya saki jiki. Abin da ya tambaya shi ne NIN, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, kati na nawa ya sa na ƙarshe, da lambobin da ya fi kira. Ku lura da jerin nan sosai. Irin tambayoyin da ake yi wa mai neman walkam bak ne don a tabbatar layin nasa ne. Wato da bakinsa ya karanta wa ɓarawo amsar jarrabawa. Ƙa'ida ta tanadi a tantance mai layi da hoto ko zanen yatsa, gaskiya ne, amma inda aka samu takardar bogi ko wakili marar amana, ana tsallake ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai kiraye-kiraye suka yi masa ca daga baƙin lambobi, yana ɗagawa a kashe. Ya gaji ya sa wayar a shiru. Da magariba sabis na layin ya ɗauke. Ga inda ya yi babban sake: wayarsa mai sim biyu ce, na data yana ramin farko, na banki yana na biyu. WhatsApp na tafiya, bidiyo na buɗewa, don haka da ya hango ɗaya gefen babu sanda ko ɗaya sai ya ce matsalar sabis ce, gobe zai dawo. Alat kuwa na ta shiga, amma a wayar wani. Sai ranar Lahadi da ya je wurin mai POS aka ce masa kuɗin ba su isa ba. Daga naira 640,000 saura abin da bai kai dubu biyu ba, an kwashe a kashi-kashi zuwa asusu daban-daban cikin dare biyu. Zaɓen yammacin Juma'a da gangan ne, sun san rassan banki a rufe suke har Litinin.

Mu da muka saba da sabis mai zuwa yana komawa, ta yaya za mu bambance? Abu ne na minti biyar. Dubi wayar na kusa da kai mai irin layinka. In nasa ma babu, matsalar yanki ce. In nasa cike yake naka babu, kashe wayar ka kunna. Bai dawo ba, cire sim ɗin ka sa a wata wayar. In can ma ta nuna No service, Emergency calls only ko SIM not provisioned, to ka ɗauka an yi, har sai an tabbatar maka ba a yi ba. Ari waya ka kira lambarka: in tana ringin a kunnenka amma wayar da ke hannunka shiru, layinka yana hannun wani. Haka kuma kada ka raina saƙon da ya ce an karɓi buƙatarka ta canza sim alhali ba ka nema ba, ko OTP da ya faɗo ba ka taɓa komai ba, ko WhatsApp ya fitar da kai ya ce an yi rajistar lambarka a wata waya.

Idan alamar ta tabbata, banki za ka fara tarewa kafin layi, domin layi yana dawowa, kuɗi kuwa sai an sha wuya. Bankuna da dama suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, misali *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda tare da lambar asusunka, kada ka bar ta a cikin wayar kaɗai. Bayan nan ka kira 300 daga layin kamfani ɗaya ka ce a dakatar da lambarka, ka je ofishinsu da kanka da NIN. In sun yi maka wasa da ƙorafi, ka kira 622, lambar hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa. Ka kuma sanar da dangi da abokan ciniki, don wanda ya ƙwace WhatsApp ɗinka zai fara rubuta musu da sunanka cewa kana asibiti a turo wani abu.

Wani kuskure da nake yawan ji shi ne, "Ai na sa wa sim ɗina PIN." Madalla, ka kyauta, amma wannan maganin wanda ya fizge wayarka ne ya cire sim ya sa a tasa. Sabon sim da aka fitar da sunanka bai san wannan PIN ba. Abin da ke rage ɓarna a nan daban ne: ka kunna Two-step verification a WhatsApp, wato ƙarin PIN da ake nema kafin a buɗe shi a wata waya, ka sa banki ya riƙa turo maka alat ta imel ma, ka rage iyakar abin da za a iya turawa a rana, kada PIN ɗin tura kuɗinka ya zama shekarar haihuwarka tunda ita ce farkon abin da za a gwada. Masu kasuwanci kuma, lambar da kuka rubuta a allon shago da shafukan talla kada ta zama ita ce ta banki.

Maƙwabcin nawa ya karɓo layinsa ranar Litinin da hantsi, bai yi awa biyu a ofishin ba. Maganar kuɗin kuwa, takardar ƙorafi ya cike a banki, ya kai rahoto wurin 'yan sanda, har yanzu yana zirga-zirga.